Ƙa'idar farabola ko ta tarafiziyam, kuma yaya ake zaɓen faɗin taku?

Tambaya: Malam, a darasin lissafin injiniyanci an koya mana ƙa'idar tarafiziyam da ƙa'idar farabola ta Simpson, waɗanda ake ƙiyasta intigiral da su, aka ce ta biyun ta fi. To, me ya sa ta fi, kuma ko yaushe ne take fi? Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne h, wato faɗin taku: ta yaya zan san na rage shi yadda ya isa, alhali ban san amsar gaskiya ba?

Amsa: Ƙa'idar farabola tana fin ta tarafiziyam ne idan fankishin ɗin da kake aiki a kansa mai santsi ne, wato babu tsalle, babu kusurwa, babu wurin da gangararsa ke tashi ba iyaka. Idan wannan sharaɗi ya faɗi, fifikon ma ya faɗi, kuma akwai nau'in fankishin guda ɗaya da tarafiziyam ke yi wa Simpson fintinkau a kansa. Shi kuwa h, ba a zaɓensa sau ɗaya a zauna. Ana raba shi biyu ne a sake lissafi, a sake raba shi, sannan a duba yadda amsoshin ke matsowa kusa da juna, domin a cikin wannan matsowar ne ake karanta girman kuskure, a kuma gane ko ƙa'idar tana aiki yadda littafi ya ce.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Za mu nemi intigiral na 1/x daga 1 zuwa 2, wanda amsarsa ita ce ln 2 = 0.69314718. Na zaɓe shi ne saboda mun san amsar, don haka za mu iya kama kowace ƙa'ida da hannu mu ga iyakar kuskurenta. Ana raba zangon daga a zuwa b gida n daidai wa daida, faɗin kowane gida shi ne h = (b − a)/n, wuraren da aka yanka kuma zan kira su tashoshi, ƙimar fankishin a kansu ita ce f0, f1, har zuwa fn.

Ƙa'idar tarafiziyam tana haɗa kowace tasha da ta gaba da miƙaƙƙen layi, ta auna filin da ke ƙarƙashin layin. Ƙa'idar farabola kuwa tana ɗaukar tashoshi uku a jere, wato gida biyu, ta ratsa su da farabola guda, ta auna filin da ke ƙarƙashinta. Idan aka tattara gidajen duka, ga abin da ke fitowa:

```
T = h·(f0/2 + f1 + f2 + ... + f(n-1) + fn/2)
S = (h/3)·(f0 + 4f1 + 2f2 + 4f3 + ... + 4f(n-1) + fn)
```

Sunan Thomas Simpson, masanin lissafi ɗan Ingila wanda ya wallafa ta a 1743, shi ne ya bi ƙa'ida ta biyu, ko da yake an san ta kafin shi, har Jamusawa na jingina ta ga Kepler saboda aikinsa na 1615 kan awon ganguna. Abin lura a nan shi ne ƙa'idojin biyu tashoshi ɗaya suke amfani da su, ƙimomi ɗaya suke tarawa, nauyin da ake bai wa kowace ƙima ne kawai ya bambanta. Saboda haka Simpson ba ta fi tsada ba ko kaɗan, domin a aikin gaske abin da ke cin lokaci shi ne lissafa f a kowace tasha.

Da n = 4, h = 0.25, ƙimomin su ne 1, 0.8, 0.666667, 0.571429 da 0.5. Tarafiziyam ta ba da 0.25 × (0.5 + 0.8 + 0.666667 + 0.571429 + 0.25) = 0.697024, kuskurenta 0.003877. Simpson ta ba da (0.25/3) × (1 + 3.2 + 1.333333 + 2.285714 + 0.5) = 0.693254, kuskurenta 0.000107. Daga ƙimomi biyar ɗin nan dai, ɗaya ta fi ɗaya kusa da gaskiya sau talatin da shida. Amma wannan kwatancin na n guda bai nuna ainihin bambancin ba, sai an ci gaba da raba h biyu:

```
n     T            kuskure      S            kuskure
2     0.70833333   0.01518615   0.69444444   0.00129726
4     0.69702381   0.00387663   0.69325397   0.00010679
8     0.69412185   0.00097467   0.69315453   0.00000735
16    0.69339120   0.00024402   0.69314765   0.00000047
```

Ka dubi layin kuskure daga sama zuwa ƙasa. Na tarafiziyam yana raguwa kusan sau huɗu a duk lokacin da aka raba h biyu. Na Simpson ya ragu sau 12, sannan sau 14.5, sannan sau 15.6, yana nufar 16. Huɗu shi ne 2², sha shida kuma 2⁴, kuma wannan shi ne abin da ake nufi idan aka ce kuskuren tarafiziyam yana tafiya da h², na Simpson da h⁴. Ka lura kuma da cewa a matakin farko Simpson ba ta kai 16 ba, domin dokar h⁴ ba ta kankama sai h ya yi ƙanƙanta sosai. Za mu dawo kan wannan, saboda a nan ne ɗalibai da yawa ke ruɗuwa.

Dalilin h² ba shi da wuyar gani. A gida ɗaya, ratar da ke tsakanin miƙaƙƙen layi da lanƙwasasshen layin gaskiya ta dogara ne ga yadda fankishin ya lanƙwasa, wato deribatif na biyu, kuma filin ratar ya kai h³·f''/12. Gidajen kuwa (b − a)/h ne, saboda haka idan aka tara su, h ɗaya ya fita, ya rage h². Wannan ma ya gaya mana ɓangaren da kuskuren zai faɗa: 1/x ya lanƙwasa kamar kwano a buɗe, layin da ya haɗa tashoshi biyu yana samansa, shi ya sa dukkan amsoshin T a jadawalin suka haura ln 2.

Na Simpson ya fi ban sha'awa. Tunda farabola ce ake ratsawa, mutum zai yi tsammanin ƙa'idar za ta ba da amsa daidai ga x² kawai, ta fara kuskure daga x³. Amma gwada x³ daga 0 zuwa 2 da h = 1: (1/3) × (0 + 4×1 + 8) = 4, kuma amsar gaskiya 4 ce cif. Abin da ya faru shi ne kuskuren da farabola ta yi a gidan hagu daidai yake da wanda ta yi a gidan dama, sai dai ɗaya ƙari ne ɗaya ragi, don haka suka cinye juna. Wannan cinyewar ta samu ne saboda tashar tsakiya tana tsakiya daidai, kuma shi ya sa ƙa'idar ta dage kan cewa gidajen biyu su zama faɗi ɗaya. Sai an zo x⁴ kuskure ke bayyana: ƙa'idar ta ba da 20/3 = 6.667 a maimakon 6.4. Saboda haka deribatif na huɗu ne ke mulkin kuskurenta. Ga iyakokin biyu yadda suke a littattafai, inda M2 da M4 su ne mafi girman ƙimar deribatif na biyu da na huɗu a cikin zangon, ba tare da kula da alamar ragi ba:

```
|kuskuren T| ≤ (b − a)·h²·M2 / 12
|kuskuren S| ≤ (b − a)·h⁴·M4 / 180
```

Hanya ta farko ta zaɓen h daga nan take fitowa, kuma ita ce ake yawan tambaya a jarrabawa. A ce muna son kuskure kada ya wuce 0.000001. Deribatif na biyu na 1/x shi ne 2/x³, mafi girmansa a x = 1, don haka M2 = 2. Sharaɗin ya zama h²/6 ≤ 0.000001, wato h kada ya wuce 0.00245, wato n = 409. Deribatif na huɗu shi ne 24/x⁵, M4 = 24, sharaɗin ya zama h⁴ × 24/180 ≤ 0.000001, h kada ya wuce 0.0523, wato n ya kai 19.1, a ɗaga shi zuwa 20. Gida 409 a gefe guda, gida 20 a ɗaya gefen. Idan ka ƙara tsananta buƙatar sau dubu goma, tarafiziyam za ta nemi ninki ɗari na tashoshi, Simpson kuwa ninki goma kawai.

Wannan hanya tana da tabbaci, amma tana da aibi biyu. Na farko, tana yawan wuce gona da iri, domin ta ɗauka cewa fankishin yana lanƙwasa a ko'ina kamar yadda yake yi a wurin da ya fi tsanani. A misalinmu gida 250 sun isar wa tarafiziyam, 14 kuma sun isar wa Simpson. Wannan ba babbar asara ba ce. Aibi na biyu shi ne mai nauyi: a aikin gaske ba kasafai ake iya samun M4 ba.  Fankishin da ya kawo ka ga Simpson sau da yawa wani dogon lissafi ne a cikin kwamfuta, ko jerin awo daga fili, kuma babu wanda zai zauna ya fitar masa da deribatif har sau huɗu.

Shi ya sa masu aikin suke bin hanya ta biyu, wadda ake jingina wa Carl Runge da kuma Lewis Fry Richardson. Tunaninta shi ne: idan kuskure yana raguwa sau 16 duk lokacin da aka raba h biyu, to kuskuren amsar farko ninki 16 ne na kuskuren amsa ta biyu, bambancin amsoshin biyu kuma ninki 15 ne nasa. Don haka sai ka raba bambancin da 15, ka sami kimanin kuskuren amsar da ta fi sabunta. Ga tarafiziyam, da 3 ake rabawa, saboda 4 − 1 = 3. Mu gwada, mu yi kamar ba mu san ln 2 ba. Bambancin S na n = 4 da na n = 8 shi ne 0.00009944, idan aka raba da 15 ya zama 0.00000663. Kuskuren gaskiya 0.00000735 ne, saboda haka ƙiyasin ya gaza da kusan kashi goma cikin ɗari, amma ya faɗi girman abin daidai, kuma ya ce mana ba mu kai 0.000001 ba tukuna. Sai mu je n = 16: bambancin 0.00000688, a raba da 15, 0.00000046, kuskuren gaskiya kuma 0.00000047. Mun isa, kuma mun san mun isa ba tare da deribatif ko ɗaya ba. Raba h biyu yana da wata fa'ida kuma: tsofaffin tashoshi duk suna nan a cikin sababbi, don haka rabin ƙimomin kawai za a lissafa sabo.

Akwai abin da ke ɓoye a nan da ya kamata ka sani, domin yana nuna cewa ƙa'idojin biyu ba baƙin juna ba ne. Idan ka ƙiyasta kuskuren tarafiziyam da wannan hanya, babu abin da zai hana ka cire shi daga amsar. T na n = 8 shi ne 0.69412185, ƙiyasin kuskurensa (0.69702381 − 0.69412185)/3 = 0.00096732, idan ka cire sai ka sami 0.69315453. Koma jadawali ka duba: wannan shi ne S na n = 8, lamba da lamba. Wato ƙa'idar Simpson ita ce tarafiziyam da aka cire wa kuskuren h², kuma a rubuce S(h) = (4·T(h) − T(2h))/3. Ana iya maimaita dabarar a kan Simpson kanta: cire 0.00000663 daga 0.69315453 ya ba da 0.69314790, wanda kuskurensa bai kai 0.000001 ba, da tashoshi tara kacal. Ci gaba da wannan mataki bayan mataki shi ne hanyar Romberg ta 1955.

To amma rabawa da 15 ta ginu ne a kan wani zato, cewa lallai kuskuren yana raguwa sau 16. Idan zaton bai tabbata ba, ƙiyasin zai yaudare ka, kuma sau da yawa zai yi hakan ne ta ɓangaren da ya fi haɗari, ya nuna maka kuskure ƙarami alhali babba ne. Ɗauki √x daga 0 zuwa 1, wanda amsarsa 2/3 ce, wato 0.666667. Fankishi ne da ba ya tsalle, ba ya tafiya ba iyaka, a ido babu abin zargi a tare da shi. Simpson ta ba da 0.638071 da n = 2, 0.656526 da n = 4, 0.663079 da n = 8. Idan ka raba bambancin biyun ƙarshe da 15 za ka sami 0.00044, ka ce gurbi uku bayan ɗigo sun kusa tabbata. Kuskuren gaskiya kuwa 0.00359 ne, ninki takwas na abin da ka ƙiyasta. Matsalar tana x = 0, inda gangarar √x ke miƙewa tsaye, deribatif ɗinsa ba shi da iyaka, M4 ma babu shi kwata-kwata. A nan kuskuren Simpson yana tafiya ne da h^1.5, haka ma na tarafiziyam, don haka fifikon h⁴ ya ɓace, sai ɗan bambancin ma'auni kawai ya rage.

Yaya za ka gane haka idan ba ka san amsar ba? Da amsoshi uku a jere, ba biyu ba, kuma wannan ita ce al'adar da na fi so ka ɗauka daga duk bayanin nan. Ka lissafa bambancin na farko da na biyu, da bambancin na biyu da na uku, ka raba ɗaya da ɗaya. Ga 1/x, daga n = 4, 8, 16, rabon shi ne 0.00009944/0.00000688, kusan 14.5, yana kusa da 16, don haka rabawa da 15 halal ce. Ga √x rabon shi ne 0.018455/0.006553, kusan 2.8, wanda shi ne 2^1.5, kuma ya yi nisa da 16. Wannan lamba ita kaɗai ta tona asirin. Idan rabon ya tsaya a kan wata ƙima r, to da r − 1 za ka raba: 0.006553/1.82 ya ba da 0.0036, wanda ya yi daidai da kuskuren gaskiya. Idan kuwa rabon yana ta yawo, ya hau ya sauka, har alamarsa na canzawa, to h bai yi ƙanƙantar da dokar za ta fara aiki ba, ko kuma akwai kusurwa ko tsalle a wani wuri a cikin zangon, kuma kada ka amince da kowane ƙiyasi tukuna.

Maganin irin wannan matsala ba ƙara tashoshi ba ne. Don kai kuskuren √x ƙasa da 0.000001 ta hanyar rage h kawai, sai ka haura gida dubu ɗaya da ɗari takwas. Amma idan ka sauya x = t², intigiral ɗin ya koma na 2t² daga 0 zuwa 1, wanda Simpson ke bayarwa daidai cif da gida biyu. Haka nan idan fankishin yana da kusurwa a wurin da ka sani, kamar |x − c|, ko tsalle inda wani sharaɗi ya canza, ka yanka zangon a daidai wurin, ka yi kowane ɓangare daban, domin kada farabola ta haye kan kusurwar. Idan kuma wahalar ta taru a ɗan ƙaramin wuri, kamar tsini siriri a tsakiyar shimfiɗaɗɗen fili, babu dalilin amfani da h ɗaya a ko'ina. Ana yin gwajin raba biyu a kowane yanki daban, a ci gaba da rabawa inda ƙiyasin ya wuce kasonsa na kuskuren da aka yarda da shi, a bar sauran yadda suke. A kan wannan tunani aka gina yawancin manhajojin intigiral da ake amfani da su a yau.

Akwai kuma tarkon da ko gwajin amsoshi uku ba ya kamawa. Ɗauki sin²(8πx) daga 0 zuwa 1, wanda amsarsa 1/2 ce. Da n = 2, da n = 4, da n = 8, kowace tasha tana faɗawa daidai inda fankishin yake sifili, saboda haka ƙa'idojin biyu za su ba ka 0 sau uku a jere, bambanci babu, ƙiyasin kuskure sifili. Daidaituwar amsoshi ba ta nuna komai idan tashoshin ba su ga abin da ke faruwa a tsakaninsu ba. Don haka h na farko ba daga lissafin kuskure yake fitowa ba, daga sanin fankishin yake fitowa: ka zana shi, ka ga mafi ƙanƙantar siffar da ke cikinsa, ko kaɗawa ce ko tsini, ka tabbata tashoshi da dama sun faɗa cikinta kafin ka fara gwajin. Idan kana shakka, ka sake lissafi da wani n da ba ninkin na baya ba, kamar 14 ko 22.

Yanzu ga wurin da tarafiziyam ke yin nasara. Babban ɓangaren kuskurenta, bisa ga tsarin Euler da Maclaurin, shi ne (h²/12) × (f'(b) − f'(a)), wato ya dogara ne ga gangarar fankishin a bakin zango biyu kawai, haka ma ɓangarorin da ke biye da shi sun dogara ga manyan deribatif a bakunan nan biyu. Idan fankishin mai santsi ne kuma mai maimaita kansa, aka ɗauki zagaye ɗaya cikakke, to abin da ke a daidai yake da abin da ke b, ɓangarorin nan duka su zama sifili. Gwada 1/(2 + cos x) daga 0 zuwa 2π, wanda amsarsa 2π/√3 = 3.62759873. Kuskuren tarafiziyam 0.0376 ne da n = 4, 0.00019 da n = 8, sannan 0.000000005 da n = 16. Na Simpson kuwa 0.0123 ne da n = 8, da 0.000064 da n = 16. Dalilin faɗuwar Simpson a nan yana cikin alaƙar da muka gani ɗazu: tunda S cakuɗa ce ta T(h) da T(2h), tana ɗauko kashi ɗaya cikin uku na kuskuren tsohuwar amsa ta zuba a cikin sabuwa wadda ta riga ta yi kyau, tana gyaran kuskuren h² da babu shi. Wanda ke lissafin matsakaicin ƙarfin wutar lantarki mai kaɗawa a zagaye ɗaya, ko ma'aunan Fourier, tarafiziyam ya kamata ya riƙe. Alamar da za ka gani ita ce rabon bambance-bambancen T ya zarce 4 nesa ba kusa ba, yana kuma ƙaruwa.

Wajen rubuta Simpson a kwamfuta, kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa da cewa dole n ya rabu biyu daidai.

```python
def simpson(f, a, b, n):
    assert n % 2 == 0
    h = (b - a) / n
    s = f(a) + f(b)
    for i in range(1, n):
        s += (4 if i % 2 else 2) * f(a + i * h)
    return s * h / 3
```

Idan aka cire layin `assert` aka ba shi n = 3, shirin ba zai yi ƙorafi ba, zai dai ba da amsar banza: ga f = 1 daga 0 zuwa 1 zai ce 8/9. Da n = 101 zai ce 0.9967, wanda ya yi kusa da gaskiya har ya iya wucewa ba a lura ba. Saboda haka kafin ka amince da shirinka, gwada shi da f = 1, sannan da x³, waɗanda dole su fito daidai. Idan aka ba ka gidaje da ba sa rabuwa biyu, misali biyar, ka yi biyun farko da ƙa'idar da muka sani, ukun ƙarshe da ƙa'idar 3/8 ta Simpson, wato (3h/8) × (f0 + 3f1 + 3f2 + f3), wadda ita ma kuskurenta na h⁴ ne. Rufe gidan da ya rage da tarafiziyam yana shigo da kuskuren h³, ya ɓata aikin sauran.

Rage h kuma yana da iyakar da ba ya wucewa. Kwamfuta tana riƙe kimanin lambobi 16 ne a lissafin da aka saba, don haka a misalin ln 2, da zarar n ya kai 'yan dubbai Simpson ta isa wannan iyaka, ƙarin tashoshi ba zai ƙara komai ba sai tarin ƙananan kurakuran taƙaita lamba. Iyakar ta fi kusa sosai idan ƙimomin daga awo suka fito. Idan kowace ƙima tana iya kaucewa da e, to amsar ƙa'idojin biyu tana iya kaucewa da (b − a) × e, komai ƙanƙantar h, domin nauyoyin duka idan aka tara su b − a suke bayarwa. Da a ce ƙimomin 1/x daga jadawali mai gurbi huɗu bayan ɗigo muka ɗauko su, e zai zama 0.00005, kuma tun daga n = 8 kuskuren ƙa'idar, 0.000007, ya riga ya nutse a ƙarƙashin kuskuren jadawalin, zuwa n = 16 ɓata lokaci ne.

Wannan ne ya sa a aikin safiyo, ko awon zurfin kogi daga gaɓa zuwa gaɓa don fitar da faɗin yankan ruwa, ba na ganin laifin wanda ya tsaya a kan tarafiziyam. A can h ba a hannunka yake ba, wanda ya je fili ne ya yanke shi, tazarar tashoshin sau da yawa ba ɗaya ba ce, ƙasan kogi kuma ba shi da deribatif na huɗu da za a dogara da shi. Tarafiziyam tana karɓar tazara mabambanta kai tsaye, kowane gida da nasa faɗin. Idan tazarar ɗaya ce kuma gidajen suna rabuwa biyu, lissafa T da dukkan tashoshi, ka sake lissafa shi kana tsallake tasha ɗaya-ɗaya, ka raba bambancin da 3. In abin da ya fito bai kai (b − a) × e ba, tashoshin sun wadatar, kuma Simpson ba za ta ƙara maka wani abin dogaro ba. In ya fi shi sosai, to awon ne ya yi ƙaranci, sai a koma fili a ƙara tashoshi a wuraren da zurfin ke saurin canzawa.